Bin Sawun Murya: Yadda Ake Gyara Takun Turanci a Baki, da Inda Dabarar Ta Tsaya

Ɗalibi a Birnin Kudu ko Gwaram zai iya cin takarda ta uku ta Turancin WAEC da maki mai kyau ba tare da ya buɗe baki ya furta ko kalma ɗaya ba. Takardar ta gwajin furuci ce, amma a Nijeriya a rubuce ake yin ta: tambayoyi 60 cikin minti 45, ana zaɓen amsa. Ɗalibin ya san a takarda wace gaɓa ce ke ɗauke da ƙarfi a cikin kalma, ya ja mata layi daidai, amma ranar da ya tsaya gaban masu ganawar ɗaukar aiki, ko ya kira wani ofishi a Legas, sai a yi ta ce masa ya maimaita. Wannan giɓi ne ya sa matasa da yawa suka koma ga wata dabara da suke gani a bidiyon waya, wadda ake kira shadowin. Sai dai ana fahimtarta a baibai ta fuska uku. Wasu sun ɗauka maimaita jimla ce bayan an ji ta. Wasu sun ɗauka ƙarfin gaɓa ɗaga murya ne. Wasu kuma suna jiran ta mai da su Turawan Landan cikin wata guda.

Ma'anar kalmomin

Shadowin kalmar Turanci ce da aka samo daga sunan inuwa. Abin da ake nufi shi ne mutum ya saurari magana yana faɗinta a lokaci guda, yana biye da mai maganar da tazarar da ba ta wuce kalma ɗaya ko biyu ba, ba tare da an tsayar da sautin ba. A wannan sharhi za a kira ta bin sawun murya.

Duk wanda ya yi karatun allo ya san bambancin da ke tsakaninta da maimaitawa. Idan malam ya biya wa yaro aya, ya yi shiru, yaron ya maimaita, wannan maimaitawa ce, kuma haka kaset ɗin Shehu Minshawi na koyar da yara yake. Amma idan mutum ya kunna ƙira'a yana bin makarancin baki da baki, yana jan madda inda ya ja, yana tsayawa inda ya tsaya, wannan shi ne bin sawu. A maimaitawa akwai ɗan shirun da ke ba ƙwaƙwalwa damar sake tsara jimlar da irin takun da ta saba da shi. A bin sawu babu wannan damar, domin muryar da ake bi ba ta jira.

Gaɓa ita ce yankin kalma da ake furtawa da bugu ɗaya, kamar ma-ka-ran-ta mai gaɓa huɗu. Ƙarfin gaɓa, wanda ɗalibai ke kira sitires, shi ne fifita gaɓa ɗaya a kan sauran: ta fi su tsawo, wasalinta ya fito cikakke, murya ta ɗan motsa sama ko ƙasa a kanta, sannan ta ɗan fi su amo. Amon shi ne mafi ƙanƙanta a cikin alamomin huɗu, ko da yake shi aka fi koya wa yara. Takun magana kuwa, wato ridim, shi ne yadda gaɓoɓi masu ƙarfi da masu rauni ke bin juna a cikin jimla.

Daga ɗakin bincike zuwa aji

Ba don koyon harshe aka ƙirƙiro dabarar ba. A 1953 Colin Cherry, wani masani ɗan Ingila, ya riƙa sa wa mutane magana biyu daban a kunnuwa biyu, yana sa su bin ɗaya da baki, don ya gano yadda mutum ke tsinto murya guda a cikin hayaniya. Ludmilla Chistovich ta yi irin wannan aiki a Leningrad, sannan a 1973 William Marslen-Wilson ya nuna cewa akwai mutanen da ke iya bin magana da tazarar kusan rubu'in sakan. Daga nan makarantun horar da masu tafinta suka ɗauke ta a matsayin motsa baki da kunne, ko da yake wasu manyan malaman tafinta a Paris sun soke ta da cewa kwaikwayon aku ne kawai.

A Japan ta shiga ajin Turanci sosai, tun daga shekarun 1990, ta hannun malamai irin su Ken Tamai da Shuhei Kadota, daga baya kuma Yo Hamada. Wani abin lura shi ne yawancin bincikensu a kan gyaran sauraro ne, ba gyaran furuci ba. Shaidar da ta fi kusa da batun furuci ta fito daga Kanada a 2017, inda Jennifer Foote da Kim McDonough suka sa mutum 16 bin sawun gajerun hirarraki na tsawon mako takwas, aƙalla sau huɗu a mako, minti goma kowane zama. Masu sauraro sun ce maganarsu ta ƙara sauƙin fahimta kuma ta ƙara gudana. Amma da aka auna yadda harshensu na asali ke fitowa a Turancinsu, ba a ga wani canji na a zo a gani ba. Mutum 16 ba taro ba ne, amma sakamakon ya yi daidai da abin da malamai ke gani: dabarar tana sa a fahimci mutum ba tare da wahala ba, ba ta sauya masa asali.

Abin da Hausa ta saba wa baki

Hausa harshe ne mai karin sauti. Kowace gaɓa tana da nata sautin, sama ko ƙasa ko faɗuwa, kuma shi ke raba kukan yaro da itacen kuka. Tsawon wasali ma yana raba ma'ana, kamar garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi. Saboda kowace gaɓa tana ɗauke da kaya irin wannan, Bahaushe ba ya haɗiye gaɓa. Kowacce sai ya ba ta haƙƙinta.

Turanci kuwa a kan haɗiyewa ya ginu. Ƙananan kalmomi irin su *to*, *for*, *and*, *of*, *can* da *was* suna da furuci biyu: cikakke idan aka keɓe su, raunanne idan suna tsakiyar magana. A raunannen furuci wasalinsu yana komawa wani gajeren sauti marar launi da ake rubutawa /ə/, wanda shi ne wasalin da ya fi yawa a maganar Turanci. Allon aji ba ya nuna wannan. Yaro ya ga *to* ya karanta "tu", ya ga *for* ya karanta "fo", malaminsa ma haka aka koya masa. Binciken Ulrike Gut a kan Turancin Nijeriya ya nuna cewa masu magana a nan sukan ba manyan kalmomi sautin sama, ƙanana sautin ƙasa, kuma ba su cika raunana wasula ba. Wato an ɗauki tsarin ƙarfi da rauni an mai da shi tsarin karin sauti.

Akwai kuma batun baƙaƙe masu cunkoso. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu a jere, shi ya sa kalmomin aro suka zama burodi, sukudireba da firamare. Idan wannan ɗabi'a ta bi mutum cikin Turanci, *blood* sai ta zama gaɓa biyu, *school* ma haka, kuma kowace ƙarin gaɓa tana ɓata takun jimlar gaba ɗaya.

Na ƙarshe, kuma wanda aka fi mantawa da shi, shi ne yadda ake jaddada magana. Bahaushe yana cewa "Audu ne ya sayi rago" ko "Rago ne Audu ya saya". Yana ciro kalmar da yake nufi ya kawo ta gaba, ya bi ta da "ne" ko "ce". Bature yakan bar kalmomin a inda suke, ya matsar da ƙarfin murya kawai. *Take TWO tablets after food* tana gyara adadi, *Take two tablets AFTER food* tana gyara lokaci. Wanda ya faɗi jimlar da taku ɗaya daga farko zuwa ƙarshe bai nuna wa mai sauraro wanne yake nufi ba.

Duk da haka mai jin Hausa ba da hannu wofi ya zo ba, haka ma mai jin Fulfulde, wanda ke da yawa a karkarar Gwaram da Birnin Kudu. Kunnensa ya riga ya saba da bambance dogon wasali da gajere, kuma tsawo yana cikin manyan alamomin gaɓa mai ƙarfi. Gajeren "a" na tsakiyar kalmar Hausa, kamar na "tafi", bai yi nisa da /ə/ ba. Aikin Munzali Jibril na 1982 a Jami'ar Lancaster, a kan bambance-bambancen furucin Turanci a Nijeriya, yana cikin waɗanda suka nuna cewa Turancin Hausawa yana da nasa tsarin wasula daban da na kudu. Abin da ya rage shi ne a koya wa baki gajartawa a inda ido ke ganin cikakken harafi.

Zaɓen sautin da za a bi

A nan yawancin masu farawa ke ɓata aikin. Fim ɗin Amurka mai harbe-harbe da kiɗa a baya ba ya amfani, haka ma wa'azi ko jawabin siyasa, domin takunsu na dandamali ne, ba na hira ba. Abin da ake nema shi ne murya ɗaya ko biyu, babu kiɗa, da rubutun abin da aka faɗa kalma da kalma, kuma mai koyo ya riga ya fahimci kusan dukan kalmomin. Tsawon kada ya wuce sakan 30 zuwa 45, wato kalmomi 70 zuwa 100. Shirin 6 Minute English na BBC Learning English yana zuwa da rubutunsa, ana iya yanko ɗan yanki daga ciki. Shirye-shiryen VOA Learning English ana karanta su a hankali, suna da kyau ga makon farko, amma jinkirin yana sa masu karatun su cika wasulan da a hira ake raunanawa, don haka bai kamata a daɗe a kansu ba.

Ba a buƙatar data kullum. Wanda ke Basirka ko Sara ko Kantoga zai iya sauke sauti huɗu ranar da ya samu sabis mai kyau, ko ya karɓa ta Xender a wurin aboki, sun ishe shi wata guda. Manhajar VLC tana da A-B repeat, wanda ke maimaita yankin da aka zaɓa ba iyaka, tana kuma rage gudun sauti. Idan za a rage, 0.75 ya isa. Ƙasa da haka takun ya lalace, ana bin abin da babu mai faɗinsa haka.

Jimla ɗaya, daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauki misalin ɗalibar aikin jinya a Birnin Kudu, garin da ke da makarantar koyon jinya da kuma Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Yawancin majinyatanta da Hausa za ta yi musu magana, amma miƙa aiki ga abokan aiki daga wasu jihohi, da jarrabawar baka, da Turanci ne. A cikin sautin da ta zaɓa akwai wannan jimla:

*The doctor will see you in a minute, but I need to check your blood pressure first.*

Ma'anarta: likita zai gan ka nan da ɗan lokaci, amma sai na fara auna jininka. Kalmomi 17 ne, gaɓoɓi 20.

Aikin farko ba na baki ba ne. Za ta saurari dukan yankin sau biyu ko uku ba ta kallon takarda, sannan ta karanta rubutun, ta nemo ma'anar duk kalmar da ta shige mata duhu. Bin sawun abin da ba a fahimta ba yana yiwuwa, kuma shi ne ainihin abin da masu suka ke kira kwaikwayon aku.

Sai ta ɗauki biro ta sake saurare, tana yi wa takardar alama: babban harafi ko ɗigo a kan kowace gaɓa mai ƙarfi, karan tsaye a inda mai maganar ya numfasa. Za ta samu wannan:

*the DOCtor will SEE you in a MINute / but I NEED to CHECK your BLOOD pressure FIRST*

Bugu bakwai ne kawai a cikin gaɓoɓi 20. Sauran 13 ɗin su ne wurin aiki. Tsakanin SEE da MIN akwai gaɓoɓi uku, *you in a*, waɗanda ake dunƙulewa su fita kamar kalma ɗaya. Tsakanin NEED da CHECK gaɓa ɗaya ce tak, *to*, kuma ba "tu" ba ce, ɗan "t" ne da guntun numfashi. *Blood pressure* kalmomi biyu ne a ido, amma ƙarfin yana kan ta farko, ta biyun tana bi a ƙasa. Wannan mataki na alama shi ne wanda bidiyon waya suka fi tsallakewa, alhali idan kunne bai lura da rauni ba, baki ba zai kwaikwaye shi ba. Zai ci gaba da faɗin abin da ido ya gani ne a kan muryar da yake bi.

Mataki na gaba shi ne bin jimlar ba da kalmomi ba. Baki a rufe, za ta bi sautin da hanci, mm-MM-mm-mm-MM, tana buga yatsa a kan benci sau bakwai. Wasu malamai suna ba ɗalibi robar ɗaure kuɗi ya saƙala a manyan yatsunsa biyu, ya ja ta a kan gaɓa mai ƙarfi, ya sake ta a kan masu rauni. Amfanin robar shi ne tana tuna wa jiki cewa ƙarfi tsawo ne, ba ihu ba. Wanda ke buga benci kawai yakan ƙare da ɗaga murya.

Daga nan sai ta karanta tare da sautin, ido a kan takarda mai alama, sau biyar ko shida. Inda harshe ya sarƙe, sai ta tsayar ta gina yankin daga ƙarshe zuwa farko: *FIRST*, sannan *BLOOD pressure FIRST*, sannan *CHECK your BLOOD pressure FIRST*, har ta kai ga *but I NEED*. Dalilin farawa daga baya shi ne faɗuwar murya ta ƙarshen jimla tana zama daidai a kowane zagaye, kuma kullum baki yana tafiya ne daga sabon abu zuwa wanda ya riga ya iya.

Sai a kife takarda. Wannan shi ne bin sawu na ainihi, kuma yana zuwa ne a mataki na biyar, ba na farko ba. Abin sauraro a kunne ɗaya, ɗaya kunnen a buɗe don ta ji kanta. Da farko da ƙaramar murya, kamar mai gunaguni, sannan da cikakkiyar murya. Idan kalma ta kuɓuce ba a tsayawa, ana kama bugu na gaba. Malaman Japan sun raba wannan mataki biyu: zagayen da hankali ke kan taku da rausayar murya kawai, da zagayen da hankali ke kan ma'ana, kamar mai maganar ita ce ke gaban majinyacin. Wanda ke neman gyaran taku ya fi daɗewa a na farko, amma bai kamata ya tashi bai yi na biyun ba.

Na ƙarshe shi ne ɗaukar murya. Za ta faɗi jimlar ita kaɗai, ba sauti, ta ɗauka a waya, ta saurara kusa da ta asali. Sannan ta canza kalmomi ta bar takun: *the NURSE will CALL you in an HOUR*, ko *I NEED to CHECK your TEMperature FIRST*. Idan takun ya tsaya a sabuwar jimla, an samu abin da ake nema. Idan ya rushe, hadda aka yi.

Duk wannan minti goma zuwa sha biyar ne a zama guda, kwana huɗu ko biyar a mako, yanki ɗaya na mako ɗaya. Awa biyu ranar Asabar ba ta maye gurbinsa, domin bayan kamar rubu'in awa hankali yakan gaji, baki ya koma tsohon takunsa yana ta nanata shi.

Yadda ake gane an kauce

Agogo shi ne alƙali na farko. Jimlar da ke sama tana cin sakan huɗu zuwa biyar a bakin mai hira. Idan ta ɗalibar ta kai bakwai, kusan kullum ƙananan kalmomi ne suka cika: "wil", "yu", "in", "e", "tu", "yuwa", kowacce da tsawonta. Maganin ba ƙara sauri ba ne. Wanda ya ƙara sauri a kan dukan gaɓoɓi daidai wa daida yana samun magana mai gudu wadda ta fi ta farko wuyar ji. Gaɓoɓi masu ƙarfi suna nan da tsawonsu, har ma a ɗan ƙara musu, masu raunin ne ake matsewa.

Alama ta biyu ita ce ƙidayar gaɓa. Idan ta saurari kanta ta ƙirga 21 ko 22 maimakon 20, wasali ya kutsa wani wuri, galibi a *blood* ko *pressure*. Ta uku ita ce tazara: idan kullum tana bayan mai maganar da rabin jimla, ta koma maimaitawa ba ta sani ba, ko kuma sautin ya fi ƙarfinta, sai a nemi mai sauƙi. Ta huɗu kuma ita ce ciwon maƙogwaro bayan zama, wanda ke nuna da ihu ake yin ƙarfin.

Akwai wurin da kuskuren ya wuce batun daɗin ji. *FifTEEN* da *FIFty*, 15 da 50, ƙarfin gaɓa ne da tsawon wasalin ƙarshe ke raba su. Abin da littattafan makaranta ba su cika faɗa ba shi ne idan suna ya biyo baya, kamar *fifteen tablets*, Turawa da kansu sukan dawo da ƙarfin gaɓar farko, sai dogon wasalin da "n" na ƙarshe su zama su kaɗai ne shaida. Shi ya sa a aikin asibiti ake bin adadin da faɗin lambobinsa ɗaya bayan ɗaya, kuma babu yawan bin sawun da zai sa a daina wannan.

Inda masana suka saɓa

Tsohon bayani, na Kenneth Pike a 1945 da David Abercrombie a 1967, ya ce harsuna kashi biyu ne: masu ba kowace gaɓa lokaci ɗaya, da masu daidaita lokaci tsakanin bugu da bugu, irin Turanci. Da aka zo aka auna da na'ura, kamar yadda Peter Roach ya yi a 1982, ba a samu wannan daidaiton ba. Tazarar da ke da gaɓoɓi uku ta fi mai gaɓa ɗaya tsawo, sai dai ba ta ninka ta uku ba. Don haka buga benci dabarar koyarwa ce, ba dokar harshe ba, kuma wanda ya tilasta wa jimla bugun agogo zai fito kamar mai rera waƙar firamare.

Saɓani mafi girma a kan buƙatar abin ne gaba ɗaya. Jennifer Jenkins, a littafinta na 2000, ta duba hirar mutanen da dukansu Turanci ba harshen uwa ba ne gare su, ta ce raunana wasula da takun Ingila ba su zama dole ba, har ma cikakken wasali yakan taimaka wa irin waɗannan masu sauraro. Abin da ta ce ba a sassauci a kansa shi ne ƙarfin da ke kan kalmar da ake jaddadawa a jimla. Laura Hahn a 2004 ta samu cewa ɗalibai sun fi tuna abin da aka faɗa a lacca idan wannan ƙarfin ya faɗa daidai. John Field kuma a 2005 ya nuna cewa sauya wurin ƙarfi a cikin kalma yana rage ganewa, musamman idan aka tura shi zuwa dama, wanda shi ne abin da aka saba ji a nan a kalmomi irin su *educate* da *madam*, inda ake kai ƙarfin ƙarshe alhali a farko yake.

Idan aka haɗa waɗannan, hukuncin ya danganta da wanda za a yi wa magana. Malamin sakandare a Gwaram da ke koyar da 'yan garinsu, ko ɗan kasuwar da ke ciniki da mutanen Anacha, ba ya buƙatar haɗiye kowace *to*. Jaddada kalmar da ta dace da kuma ƙarfin manyan kalmomi sun ishe shi, kuma muryar ƙwararren mai karanta labarai ɗan Nijeriya ta isa abin bi. Mai shirin IELTS ko OET don aikin jinya a waje lamarinsa daban ne. A ganawar IELTS, mai tsawon minti 11 zuwa 14, furuci ɗaya ne daga ma'aunai huɗu, kuma ana duba taku da ƙarfi da rausaya, ba a neman mutum ya yi kama da Bature. Ga irin wannan ɗalibi raunanan wasula suna da amfani ta fuska biyu, domin wanda bai taɓa furta su ba yakan kasa jin su a ɓangaren sauraro.

Akwai kuma abin da ba a rubuta shi a littafi: tsoron a ce mutum yana iyayi ko yana karya harshe. Wannan tsoro yana sa ɗalibai da yawa su yi taku mai kyau a ɗaki, su watsar da shi a aji. Ƙungiyar mutum uku ko huɗu masu sauraron muryoyin juna tana rage wannan, kuma tana warware matsalar waya, domin wasu wayoyin ba sa kunna sauti su ɗauki murya a lokaci guda.

Abin da za a sa rai, da abin da ba za a samu ba

Canjin da ya fi saurin zuwa na kunne ne. Bayan 'yan makonni mai koyo yakan fara jin ƙananan kalmomin da a da suke ɓace masa a labaran rediyo, kuma tambayoyin WAEC da NECO na jaddadawa sukan daina zama na canki-canka. Canjin baki yana biyo baya, da farko a jimlolin da aka yi aiki a kansu, daga baya a karatu da babbar murya, a ƙarshe kuma, a hankali, a maganar da mutum ke ƙirƙira nan take. Wannan na ƙarshen ba ya zuwa sai ana hira ta gaske, domin a bin sawu wani ne ya riga ya zaɓi kalmomi ya tsara nahawu.

Dabarar ba ta gyara sautin da kunne bai rarrabe ba. Wanda *p* da *f* suke masa ɗaya zai bi sawun *pressure* sau ɗari yana cewa "furesha" da taku mai kyau, sai an zaunar da shi an nuna masa yadda leɓɓa ke haɗuwa su buɗe. Haka kuma ba ta faɗa wa mutum ƙarfin kalmar da bai taɓa ji ba. *PHOtograph*, *phoTOgrapher* da *photoGRAPHic* gida ɗaya suka fito, kowacce da wurin ƙarfinta. Akwai 'yan ƙa'idoji masu taimako, kamar cewa kalmar da ta ƙare da *-tion* ko *-ic* ƙarfinta yakan faɗa a gaɓar da ke gabanin wannan ƙarshen, amma sauran sai ƙamus, inda ake sa ɗan karan sama ˈ kafin gaɓa mai ƙarfi. Ɗalibar jinya da ta ci karo da sunan sabon magani ko sabuwar cuta za ta fara duba wannan alamar ne, ta rubuta kalmar a cikin gajeriyar jimla irin wadda za ta faɗa a bakin aiki, sannan ta nemi sautin da za ta bi.